Lissafin Tan-Kilomita a Sana'ar Jigilar Kaya: Misali Daga Goronyo Zuwa Sakkwato

Gabatarwa

Fadamun Gulbin Rima, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, suna fitar da albasa da tafarnuwa da shinkafa, waɗanda manyan motoci ke kwasa daga Goronyo da Wurno zuwa Sakkwato. Mai mota ba haja yake sayarwa ba, ɗauka yake sayarwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda zai gane abin da ɗaukar ke ci masa kafin ya yanka kuɗin mota.

Ma'aunin

Tan-kilomita shi ne ɗaukar tan ɗaya na kaya tsawon kilomita ɗaya. Nauyi kaɗai ba ya isa ma'auni, domin wanda ya kai tan goma Acida bai yi aikin wanda ya kai shi Legas ba. Saboda haka akan ninka nauyi da nisa, kuma kowane zango da nasa lissafi.

Alƙaluman da ke biye na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi. Mu ƙaddara mota mai ɗaukar tan 10 ta yi lodin tan 6 a Goronyo, ta yi kilomita 35 zuwa Wurno: tan-kilomita 210 ke nan. Can ta ƙara tan 4, ta yi kilomita 45 zuwa Sakkwato da tan 10: wato 450. Jimla 660. Sai ta koma Goronyo ba kaya, kilomita 80 waɗanda ba su haifar da kome ba. In ta yi sawu 20 a wata, ta ci kilomita 3,200, ta samar da tan-kilomita 13,200.

Kashe-kashen Kuɗi

Kuɗin da mota ke ci iri biyu ne. Na farko su ne waɗanda ake biya ko tana tafiya ko tana ajiye: albashin direba naira 80,000, na yaron mota 40,000, rabon wata na takardu da inshora 30,000, sai tsufan mota. In an saye ta miliyan 30, ana sa ran sayar da ita miliyan 6 bayan shekara biyar, to, miliyan 24 za a raba wa watanni 60, kowane wata 400,000. Jimlar wannan kashi 550,000.

Na biyu su ne masu bin tafiya. In lita ɗaya ta man dizal, wanda direbobi ke kira gas, tana kai motar kilomita 4, za ta sha lita 800. A kan naira 1,200 kuwa, 960,000 ke nan. Taya shida na miliyan ɗaya da rabi da ke ƙarewa a kilomita 40,000, rabon wannan wata daga cikinsu 120,000 ne. Baƙin mai da gyara 170,000. Kuɗin abincin direba da na tasha da na 'yan dako 180,000. Jimla 1,430,000.

Kashin biyu sun haɗu sun ba da 1,980,000. A raba wa 13,200, sai a sami naira 150 kowane tan-kilomita. Buhu mai kilo 100 daga Goronyo zuwa Sakkwato tan-kilomita 8 ne, wato naira 1,200 kafin a sa riba.

Inda Ake Tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ninka cikakken lodin mota da dukan nisan da ta yi: tan 10 sau kilomita 3,200, a sami 32,000. Wannan zai nuna kimanin naira 62, ƙasa da rabin gaskiya. Alamarsa ita ce a riƙa ganin kuɗi a hannu kullum, amma ran da inji ya buga ko taya ta ƙare, a rasa na saye. Mai motar yana cin uwar kuɗinsa ne yana zaton riba.

Maganin tsada kuwa yana ga kayan dawowa. In motar ta komo da tan 5 na taki ko siminti, kowane sawu ya ƙaru da 400, na wata ya zama 21,200. Ko da mai da dako sun ƙara 140,000, rabon zai sauko naira 100.

Kammalawa

Ma'aunin yana da iyaka. Kaya marasa nauyi sukan cika mota kafin ta kai tan ɗinta, don haka a auna, kada a ƙiyasta. Hanyar ƙauyukan Raba da damina ta fi kwalta cin mai da taya, sai a ware mata nata lissafi. Haka kuma sawu yakan yi yawa da kakar albasa ya ragu bayanta, alhali albashi da tsufan mota ba sa raguwa. Wanda zai yanka farashi ya ɗora shi a kan lissafin shekara, ba na watan ciniki kaɗai ba.