Ajiye Aikin Banki: Daga Saƙon Fushi Zuwa Takardar Mutunci

Wata kashiya da ta shekara uku tana karɓa da biyan kuɗi a kantar wani reshen banki ta dawo gida bayan isha'i ranta a jagule. Ranar ce aka sanar da ita cewa za a yanke mata naira 40,000 daga albashinta na naira 150,000, saboda giɓin da aka samu a akwatinta, kuma manaja ya faɗi haka ne a gaban abokan aikinta. Ta ɗauki waya ta rubuta wa yayanta a WhatsApp abin da take shirin tura wa manajan:

"Daga yau na bar muku aikinku, ba ni ba ku. Kullum sai dare nake tashi, ba sannu ba na gode. Kai manaja azzalumi ne, kuma kowa ya san abin da ake yi da kuɗin mutane a reshen nan. Giɓin ma ku je ku nemi wanda ya ci. Allah ya isa!"

Yayan ya amsa mata da cewa, "Ƙanwata, na ji zafin da kike ji, amma ki bar shi a nan wurina ya kwana. Da safe ki ɗauko takardarki ta ɗaukar aiki mu karanta tare."

Hikimar wannan shawara ita ce, takardar ajiye aiki ba ta tsayawa a hannun manaja. Wucewa take yi zuwa sashen kula da ma'aikata, a saka ta cikin fayil ɗin mutum ta zauna shekara da shekaru. Manajan da aka zaga zai iya barin reshen baɗi, takardar kuwa tana nan, kuma ita za a buɗe ranar da wani wurin aiki ya aiko yana tambayar yadda aka rabu. Saboda haka kowace jimla ta wancan saƙon tana da farashi.

Mafi tsada ita ce "daga yau". Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ƙayyade mafi ƙarancin wa'adin sanarwa kafin a rabu: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sannan wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Sanarwar da ta kai mako ɗaya kuma dole ta zama a rubuce. Amma wannan mafi ƙaranci ne, yarjejeniyar aiki tana iya tsawaita shi. Da suka duba tata, sai suka ga wata ɗaya ta ce, ko a biya albashin wata a madadinsa. Ke nan da ta tura saƙon, da ta jawo wa kanta bashin naira 150,000 a kan fushin naira 40,000. Idan kuma ta daina zuwa kawai, ana iya rubuta cewa ta gudu daga bakin aiki, a mayar da ajiye aiki ya zama kora.

Maganar giɓi ta fi haɗari ga suna. Mai riƙe da kuɗin jama'a da ya ɓace ana tsakiyar batun lissafi, ya ba mai zarginsa hujja ko da hannunsa a wanke yake. Babban Bankin Najeriya yana ajiye kundin sunayen ma'aikatan da aka kora saboda zamba ko rashin gaskiya, wanda sunansa ya shiga ciki kuwa ƙofar aikin banki ta rufe masa. Ga kuma masu tsaya mata, waɗanda suka sa hannu ranar da aka ɗauke ta, su za a fara nema.

Ita kuma jimlar "kowa ya san abin da ake yi da kuɗin mutane" zargi ne a rubuce ba tare da shaida ba, kuma magana zarar bunu ce. Idan da gaske ta ga ɓarna, bankuna suna da hanyar kai rahoto a asirce, can ya kamata ta kai, da ranaku da lambobin takardu.

Da suka cire waɗannan, abu huɗu suka rage: niyya, rana, godiya da miƙa aiki. Da Turanci ake rubuta irin wannan takarda a banki, amma ga ma'anar abin da ta sa wa hannu ranar 3 ga Maris:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa na yanke shawarar ajiye aikina na kashiya a wannan reshe. Bisa yarjejeniyar aikina, na ba da sanarwar wata ɗaya daga yau, 3 ga Maris, kuma ranata ta ƙarshe ita ce 2 ga Afrilu. Na gode da damar da aka ba ni da abin da na koya cikin shekara uku. Kafin ranar zan daidaita lissafin akwatina, in miƙa hatimi, makullai da katin shaida ga wanda aka wakilta. Ina roƙon a ba ni amsar karɓar wannan takarda a rubuce, tare da lissafin haƙƙoƙina."

Ba ta faɗi dalilin tafiyarta ba, domin ba wajibi ba ne. Ba ta kuma yi ƙarya ba. Ba ta ce manaja mutumin kirki ne ba, godiyarta ta tsaya ne kan abin da tabbas ta samu, wato sanin aiki. Ta kuma rubuta rana ƙarara, domin "nan da wata ɗaya" yana buɗe ƙofar gardama kan albashin ƙarshe.

To, ina naira 40,000 ɗinta? Ladabi bai ce ta yafe ba. Takarda ta biyu ta rubuta daban zuwa sashen kula da ma'aikata, ta kawo ranar da giɓin ya faru da adadinsa, ta nemi a nuna mata rahoton bincike da sharaɗin da ya halatta yankan. Ƙorafin da ya zo shi kaɗai da hujjarsa yana neman amsa, wanda aka cusa cikin zagi kuwa zagin ake gani a manta da shi. Idan ba a yi mata adalci ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan, can ma takardun nan biyu za su tsaya mata.

Akwai wasu abubuwa da ake tuntuɓe da su wajen miƙawa. Kashiyoyi da yawa wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke su ya tura su banki. Irin waɗannan, kamfanin da sunansa yake kan takardar ɗaukar aiki za su rubuta wa, su ba reshe kwafi. A kai kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a riƙe, domin daga ranar karɓa ake lissafin wa'adi. Mai bashin ma'aikata a kansa ya tambayi yadda za a yi da ragowar tun kafin ya miƙa takarda, don ana iya cire shi daga haƙƙinsa na ƙarshe. Kuɗin fansho kuwa ba abin tsoro ba ne: a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, asusun na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma.

Don haka, mai karatu, idan rai ya ɓaci a wurin aiki, rubuta duk abin da ke cikinka ga wanda ka amince da shi, amma kada sunan shugabanka ya kasance a saman saƙon. Bari gari ya waye, ka karanta yarjejeniyarka, ka ƙirga kwanakinka, sannan ka rubuta takardar da ba za ka ji kunya ba idan aka karanta maka ita bayan shekara goma.