Wa Ya Tabbatar da Labarin Alhaji Imam?

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ya sha dariyar Malam Zurƙe. Sai dai ba kowa ke lura da cewa daga baki ɗaya tak aka ji labarin ba.

Littafin yana farawa da muryar mai ba da labari daga waje, wanda ya kai Koje Sarkin Labari garin Kwantagora. Daga nan Alhaji Imam ya karɓe zancen, yana cewa "na je", "na yi". Wannan canjin murya shi ne abin da ɗalibi zai fara nunawa a amsar jarrabawa, domin tun daga nan mai karatu ba ya ganin komai sai abin da Alhaji ya ga dama ya nuna masa.

Shin za a gaskata shi? Da bakinsa yake bayyana yadda ya yi ta yaudarar mutane a garuruwan da ya ratsa, har yana alfahari da hakan. Wanda ya ruɗi sarakuna da alƙalai, me zai hana shi ƙara wa labarinsa gishiri a gaban masu sauraro? Zurƙe kuwa, ko maganarsa sai ta bi ta bakin abokin hamayyarsa kafin ta iso kunnenmu.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar Alhaji Imam a matsayin Abubakar Imam saboda sunan ya zo ɗaya. Alhaji tauraro ne da marubucin ya ƙirƙira, don haka a amsa sai a rubuta "Alhaji ya ce", a kuma kawo wurin da aikinsa ya saɓa wa maganarsa.