Tallar manhaja ga masu shago: aiki ɗaya, fitowa ɗaya

Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano yakan kalli talla ne a wayarsa tsakanin ciniki da ciniki, ga hayaniya, ga 'yan dako suna jiran a sallame su. Shi ya sa kamfanin da ke son sayar masa da manhajar lissafi ba zai jero masa ayyukanta guda goma ba. Sai ya zaɓi wanda ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, ya nuna shi a fitowa ɗaya.

A ce aikin da aka zaɓa shi ne duba bashi. Tallar daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar magana mai yawa, don haka marubuci yakan raba takardarsa gida biyu: abin da za a gani a gefe guda, abin da za a ji a ɗaya gefen.

A daƙiƙa biyar na farko, wani mai kanti ya shigo ya ce, "Alhaji, a ƙara min buhun sukari goma, sai Juma'a in kawo kuɗin." Yaron shago yana ta buɗe littafi, shafin ya ƙi samuwa. Daga nan har zuwa daƙiƙa ta 20, kyamara tana kan wayar Alhaji. Ya rubuta sunan mutumin, lissafi ya fito: ana binsa naira 240,000, alkawari ya wuce da mako biyu. Alhaji ya juya masa wayar ya ce, "Malam, a fara rage na baya tukuna." Mutumin ya yi murmushi, ya tura rabi. Daƙiƙa biyar na ƙarshe ne kaɗai rabon kamfani: sunan manhaja da umarni guda, kamar lambar da za a kira.

A lura, Alhaji aka sa ya riƙe wayar, domin shi ke da dukiyar, shi kuma zai biya kuɗin manhajar. Sannan ba a wulaƙanta mai cin bashin ba, don ɗan kasuwa ba ya son abin da zai kore masa abokan ciniki.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen nuna fuskar wayar. In aka ɗauke ta daga nesa, alƙaluman ba sa karantuwa. In kuma aka yanke matakai, aikin taɓawa shida ya koma kamar biyu, mai shago zai gano ƙaryar ranar da ya sauke manhajar, ya goge ta.

Kafin a saki tallar, a kashe sautinta a nuna wa wani mai shago, a tambaye shi me manhajar ke yi. In ya ce tana nuna wanda ake bi bashi, an dace. In ya ce ta harkar kasuwanci ce kawai, a sake rubutu.