Rasit Ya Ɓace: Me Ya Sa Na Jabu Ba Ya Wucewa, Kuma Yaya Ake Karɓo Kwafi?

A yawancin ofisoshi, na gwamnati ne ko na kamfani ko na ƙungiyoyin agaji, idan aka tura ma'aikaci aiki wani gari, ko dai a ba shi kuɗin tafiya tun kafin ya tashi, ko ya kashe nasa a biya shi daga baya. Ko ta wace hanya aka bi, in ya dawo sai ya zauna da akanta ya kawo lissafi, kowane kuɗi da takardarsa. A nan ne mutane da yawa, waɗanda ba ɓarayi ba ne, suke jefa kansu cikin rami. Rasit ya ɓace a aljihu, ko an wanke shi da riga, ko rubutunsa ya goge, wa'adin kawo lissafi kuma ya matso. Sai wani abokin aiki ya ce: "Je ka wajen masu kwamfuta su buga maka wani mana, ai ka kashe kuɗin da gaske."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ce tarkon. Rasit ba maganar mai saye ba ce, shaidar mai sayarwa ce cewa ya karɓi kuɗi kaza daga wane a rana kaza. Idan wani ya rubuta shi da sunan mai sayarwa ba da saninsa ba, takardar ta zama ta jabu, ko da adadin da ke cikinta daidai yake har kwabo. Akanta ba ya tambayar ko ka kwana a otal. Abin da yake tambaya shi ne ko otal ɗin ne ya fitar da wannan takarda.

Mu ɗauki misali don a ga yadda abin yake tafiya. Wani ma'aikaci ya tashi daga Kano zuwa Kaduna taron bita, ya kwana 3 a otal, kowane dare naira 25,000. Kuɗin ɗaki ya kama naira 75,000, aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 5,625, jimla naira 80,625. Ya biya da kati a na'urar POS ta otal ɗin. Da ya dawo ya nemi rasit sama ko ƙasa ya rasa. Sai ya samo tsohon rasit na otal ɗin a wajen wani, ya kai shagon buga takardu aka kwaikwayi kan takardar, aka cike masa, ya sa wani ya ja masa hannu a wurin kashiya.

Mai binciken kuɗi, wato odita, bai sha wahala ba. Abu na farko da idonsa ya faɗa kai shi ne lambar rasit. Ma'aikata uku ne suka sauka a otal ɗin a makon nan, lambobin rasit na biyun suna kusa da juna, na mutuminmu kuwa ya yi nisa da su ƙwarai, domin lambar tsohon rasit aka ɗan sauya. Na biyu, harajin. Mai bugawa ya bi tsarin tsohuwar takarda ya sa kashi 5 cikin ɗari, alhali Najeriya ta ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 tun watan Fabrairun 2020. Don jimla ta fito daidai sai aka ƙara wa kuɗin ɗaki, ya daina dacewa da farashin da sauran suka biya. Na uku, hatimin ba na tawada ba ne, hotonsa aka buga tare da takardar, in ka shafa ba ka jin komai. Daga nan odita ya ɗauki waya ya kira otal, ya karanta musu lambar. Suka duba littafinsu suka ce wannan lamba ta wani baƙo ce daban.

Abin takaici shi ne, a wannan kiran ne otal ɗin ya tabbatar mutumin ya kwana uku kuma ya biya naira 80,625. Gaskiyarsa tana nan a rubuce tun farko, shi ne bai je ya ɗauko ta ba. Amma yanzu magana ta sauya. Da a ce ya zo ya ce rasit ya ɓace, matsala ce ta takarda. Da ya miƙa na jabu, ta koma matsalar amana: aka ƙi biyan kuɗin, aka ba shi takardar neman bahasi, sannan aka fara zaro tsofaffin lissafinsa ɗaya bayan ɗaya.

Doka ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Kundin Penal Code da aka kafa wa Arewacin Najeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14 ga wanda ya ƙirƙiri takardar jabu, kuma wanda ya yi amfani da ita yana sane, hukuncinsa ɗaya da wanda ya ƙirƙira. Dokar da ta kafa hukumar ICPC a shekarar 2000 ta ambaci rasit ƙarara: laifi ne ma'aikaci ya yi amfani da rasit ko lissafi mai ɗauke da ƙarya don ya yaudari wanda yake yi wa aiki. Ba kowace irin wannan magana ke kaiwa kotu ba, yawanci a ofis take ƙarewa, amma ƙarewar da kan zo da dakatarwa ko kora ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

To, mece ce hanyar da ta dace? Ka fara da gaya wa akanta tun kafin wa'adi ya cika. Layi biyu a rubuce sun isa: rasit kaza ya ɓace, ina neman kwafi daga mai sayarwa, ina roƙon ƙarin kwanaki. Wannan 'yar takarda tana kare ka fiye da yadda kake zato, domin ta nuna ba ka ɓoye komai ba.

Sai ka tattara sawun cinikin. Mai otal ko mai shago yana ganin mutane da yawa a rana, ba zai tuna fuskarka ba, kuma "na zo nan kwanakin baya" ba ta taimaka masa. Ka je masa da ranar da ka biya, adadin kuɗin daidai, sunan da aka rubuta, da yadda ka biya. In da kati ne, saƙon banki da ya shigo wayarka yana ɗauke da rana da lokaci, 'yar takardar POS kuma tana da lambar da ake rubutawa RRN, wadda za a iya bin cinikin da ita. In tura kuɗi ka yi ta waya, manhajar banki tana ajiye shaidar da ke da Session ID. A otal ka ƙara da lambar ɗaki da ranar shiga da ta fita. In kuɗi hannu ka biya, aikin ya fi wuya, sai ka dage kan rana da lokaci da abin da ka saya.

Kada ka tsaya a kan yaron shago ko mai karɓar baƙi, nemi manaja ko mai riƙe da lissafi. Maganar ba ta buƙatar kwana-kwana: "Ranka ya daɗe, na sauka a nan daga 4 zuwa 7 ga wata, ɗaki mai lamba kaza, na biya naira 80,625 da kati, ga saƙon banki. Rasit ɗin da kuka ba ni ya ɓace. Ina roƙon a duba littafi a ba ni kwafinsa, ba sabo nake nema ba." In wurin yana da nisa, ka rubuta wannan a wasiƙa ko imel, ka haɗa da hoton shaidar biya, ka roƙi su aiko ta adireshin kamfanin, ba ta wayar wani ma'aikacinsu ba.

Jimlar nan ta "ba sabo nake nema ba" ita ce zuciyar maganar, kuma a nan masu kyakkyawar niyya suke sake zamewa. Sau da yawa mai shago, don ya huta da kai, sai ya yago sabon shafi daga littafin yau ya rubuta tsohuwar rana, ko ma ya buga hatimi a kan farar takarda ya ce ka je ka cike da kanka. Kada ka karɓa. Sabon shafi mai tsohuwar rana yana da lambar da ba ta dace da ranar ba, irin alamar da ta tona asirin mutuminmu na Kaduna. Wanda ka cike da hannunka kuwa, rubutunka ne a kan shaidar wani, kuma akanta ya san rubutunka. Haka nan in ya yi maka tayin "nawa zan rubuta?", amsar ita ce abin da ka biya.

Kwafi na gaskiya yana da siffa. Inda ake amfani da littafin rasit mai kabon, shafi na biyu yana nan a maƙale a littafin; sai a ɗauki hotonsa, manaja ya rubuta a kai cewa kwafi ne na asali, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya rubuta ranar da ya ba ka. Inda ake amfani da kwamfuta, sake bugo shi kawai za a yi, kuma wasu na'urori da kansu suke rubuta DUPLICATE ko REPRINT a jiki. Wasu suna jin tsoron wannan rubutu har su nemi a cire, alhali shi ne kariyarsu. Abin da za ka duba kafin ka bar wurin shi ne lambar asali da ranar asali suna nan yadda suke, adadi ya yi daidai da na banki, sannan akwai sunan kamfani da adireshi da lambar wayar da za a kira a samu mutum.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Takardar neman biya, wadda 'yan ofis ke kira inbois, tana nuna abin da ake bin ka ne, ba ta nuna ka biya ba, sai in an buga mata hatimin an biya. 'Yar takardar POS kuma tana nuna kuɗi ya fita, amma ba ta faɗin abin da aka saya. Shi ya sa ofisoshi da yawa ba sa karɓar ɗaya ita kaɗai. Kuma irin takardar nan mai santsi ta POS da gidajen mai, da zafi ake buga ta ba da tawada ba, rana ko zafin aljihu na iya goge ta. Ɗaukar hotonta da waya a ranar da aka ba ka yana rage wahala nan gaba.

Wani lokaci kwafin ba ya samuwa. Shagon ya rufe, ko littafin ya ƙare an jefar, ko kuma tun asali wurin ba ya ba da rasit, kamar motar haya a tasha ko mai ɗaukar kaya. In mai sayarwa yana nan amma ba shi da littafi, ka roƙi wasiƙa a kan takardar kamfaninsa da ke tabbatar da cinikin. In hakan ma ya gagara, tambayi sashen kuɗi ko suna da fom na ɓatan rasit. Wurare da dama suna da shi, inda za ka rubuta abin da ka kashe da dalilin rashin takarda, shugabanka ya sa hannu, ka liƙa bayanin asusunka na banki. Irin wannan fom yawanci yana da iyakar kuɗin da yake ɗauka, kuma ba a son a ga mutum ɗaya yana yawan cike shi. Yana iya yiwuwa a biya ka wani ɓangare kawai, ko a ce wannan karon kai za ka ɗauki asarar.

Wanda kuma ya riga ya miƙa na jabu, kada ya gyara ƙarya da wata ƙaryar, kada kuma ya kira mai otal ya roƙe shi ya rufa masa asiri in an bugo waya, domin hakan jawo mutum na biyu cikin laifi ne. Ya karɓo kwafin gaskiya ta hanyar da aka bayyana, ya haɗa da shaidar banki, ya amsa takardar bahasi a rubuce da abin da ya faru yadda ya faru. Hukuncin yana hannun ofis, amma kwamitin ladabtarwa zai ga cewa kuɗin an kashe su a kan aikin da aka tura shi, kuma naira 80,625 ɗin da ya nema ita ce ya biya.