Kayan Rabo a Biki da Suna: Yadda Ake Lissafi Idan Kuɗi Kaɗan Ne, Jama'a Kuwa da Yawa

A 'yan shekarun nan rabon kaya ga mahalarta ɗaurin aure da suna ya zama wani ɓangare na kasafin kowane biki, musamman a biranen kudu kamar Legas da Ibadan da Fatakwal, inda Hausawa mazauna can suke cuɗanya da maƙwabtan da suka daɗe da wannan al'ada. Robobi da kofuna da mafitai da jakunkuna da kalanda, waɗanda mata suke kira kayan rabo, yanzu sun shiga jerin abubuwan da ake yi wa tanadi tare da abinci da rumfa da kujeru.

Sai dai tun daga watan Mayu na 1999 da aka koma mulkin farar hula ba a taɓa ganin tsadar da ta kai ta bayan shekarar 2023 ba, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, ta kuma bar kasuwa ta yanke darajar Naira. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Kayan roba kuwa daga sinadaran man fetur ake yin su, ana kuma ɗauko su a mota daga masana'anta zuwa kasuwa, saboda haka tsadar ta same su ta fuska biyu. Wannan ya sa tilas mai shirin biki ya zauna ya yi lissafi kafin ya doshi kasuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara zaɓen kaya sa'an nan a nemi kuɗinsu. Uwar amarya ta ga wani bokiti mai kyau da aka raba a bikin maƙwabta, sai ta ƙudura cewa ita ma irinsa za ta raba, alhali ba ta san yawan hannuwan da za su miƙo ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da abubuwa biyu, wato kuɗin da ake da su a hannu, da adadin mutanen da za a ba. Idan aka raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne zai faɗa wa mutum irin kayan da ƙarfinsa zai kai.

Dangane da ƙidayar mutane, yawan katin gayyata ba ya nuna yawan masu zuwa. Mace ɗaya takan zo da ƙanwarta ko kishiyarta ko maƙwabciyarta, wata kuma ta karɓar wa wadda ba ta samu zuwa ba. A ɗaya ɓangaren, maza da suke halartar ɗaurin aure ko raɗin suna da safe, goro da alewa da dabino ake raba musu bisa al'ada, don haka galibi ba sa shiga wannan lissafi. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne matan da za su zo wunin biki, sa'an nan a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, a kuma mayar da adadin zuwa dozin, tun da yake da dozin ake sayar da irin waɗannan kaya a wurin 'yan sari.

Ga misali, wanda farashin da ke cikinsa na kwatance ne kawai, domin farashin kasuwa yana sauyawa daga mako zuwa mako. A ce wani magidanci a Agege zai aurar da 'yarsa, ya ware Naira 150,000 domin kayan rabo, matan gida kuma sun ƙiyasta cewa mata 250 za su zo. Idan aka ƙara kashi ɗaya cikin biyar, adadin ya zama 300, wato dozin 25. Kafin a sayi komai sai a cire Naira 15,000 a ajiye domin kuɗin mota da 'yan dako da ledar ƙunshi da abin da zai fashe a hanya. Saura Naira 135,000, wadda idan aka raba wa mutum 300, kowa zai tashi da Naira 450. Wannan ita ce iyakar da ba za a ƙetare ba.

Da wannan adadi a hannu, bokitin Naira 900 ya fita daga lissafi, domin kuɗin ba za su sayi fiye da guda 150 ba, ke nan rabin jama'a za su koma hannu rabbana. A wurin biki kuwa, wadda aka hana ta fi wadda aka ba riƙe abin a zuciya. Jakar yadi ta Naira 300 kamar tana da sauƙi, amma idan mai ɗab'i ya nemi Naira 10,000 na haɗa allon bugu, da Naira 100 a kan kowace jaka, jimla za ta kai Naira 130,000, kuma har yanzu jakar babu komai a cikinta. Jaka marar kaya kuwa takan jawo a nemi sabulu ko ashana a jefa ciki, daga nan sai kasafi ya ɓalle.

Zaɓi na uku shi ne roba mai murfi ta zuba abinci, a kan Naira 4,200 kowace dozin, wato Naira 350 guda ɗaya. Dozin 25 za su ci Naira 105,000. Idan aka buga sitika 300 a kan Naira 50 kowace, an ƙara Naira 15,000, jimla Naira 120,000. Saura Naira 15,000, wadda za ta isa a sayi tire goma sha biyu a kan Naira 1,250 domin gwaggwanni da surukai da sauran iyaye. Ta haka kowa ya samu, manya kuma an bambanta su ba tare da an ci bashi ba. Su waɗannan na manya a cikin ɗaki ake miƙa musu, ko a aika musu gida bayan biki, domin kada a raba kaya iri biyu a gaban jama'a.

Darasin da ke cikin wannan misali ya shafi kuɗin ɗab'i. Wani ɓangare nasa ba ya raguwa ko da kayan kaɗan ne, domin sai an zana rubutun an kuma haɗa allo ko farantin bugu kafin a buga ko guda ɗaya. Naira 10,000 ɗin nan idan aka raba ta a kan kaya 50, kowane zai ɗauki Naira 200, amma a kan kaya 300 ba ta wuce Naira 33 da 'yan kwabbai ba. Saboda haka buga suna a kan kaya iri uku ko huɗu yana nufin biyan wannan kuɗi sau uku ko huɗu. Haka nan kowace ƙarin kala a bugun allo tana buƙatar nata allon. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi cin riba idan ya tsaya a kan kaya iri ɗaya da rubutu mai kala ɗaya, ko ya buga sitika wadda za ta hau kowane irin kaya. A Legas unguwannin Shomolu da Mushin ne suka yi suna wajen wannan aiki.

Bikin suna yana da tasa matsala dabam. Mako guda ne kawai tsakanin haihuwa da suna, kuma a gidaje da dama ba a bayyana sunan jariri sai ranar raɗi. Wanda ya jira sai an haihu kafin ya nemi mai ɗab'i zai biya kuɗin gaggawa, kuma babu lokacin gyara kuskure. Mafita ita ce a sayi kayan tun ciki yana wata takwas, a bar sitika kawai sai bayan haihuwa, ko kuma a rubuta sunan iyali da kalmar godiya ba tare da sunan jariri ba. Ko a biki ko a suna, wajibi ne a nemi mai ɗab'i ya nuna samfuri ɗaya a duba sunaye da kwanan wata kafin ya ci gaba, kada kuma a biya shi kuɗin duka sai aiki ya fito. Ya kamata a guji rubuta ayoyi a kan abin da zai iya ƙarewa a bola.

A wajen saye, kasuwannin sari kamar Idumota da Oke-Arin a tsibirin Legas, da babbar kasuwar Onitsha, da Sabon Gari a Kano, sun fi shagunan unguwa sauƙi, amma sai an sa kuɗin mota a cikin lissafi, domin roba ba ta da nauyi amma tana cin wuri. Araha kuma tana da nata tarko. Robar da aka narkar da tsofaffin robobi aka sake yi takan zo da kala mai duhu, da ɗigo-ɗigo a jiki, wani lokaci da wari, kuma tana saurin tsagewa. Ana gane ta idan aka ɗaga ta wajen haske, aka kuma matsa gefenta da yatsa. Idan abinci za a zuba a ciki, a duba ƙasanta: alamar kusurwa uku mai lamba 5 ko haruffan PP tana nuna irin robar da take jure zafin abinci. Har ila yau a gwada murfi a kan robobi da dama, a kwance ɗauri ɗaya daga tsakiyar buhu, a kuma ƙirga a gaban mai kaya, domin samfurin da aka ajiye a kan tebur ba lallai ne ya zama daidai da abin da ke cikin buhu ba.

Wasu iyalai sun koma raba abin amfani na yau da kullum, kamar gishiri da sabulu da garin wanki da taliya. Amfaninsu shi ne babu wadda za ta ce tana da irinsu jibge a gida, kuma abin da ya rage bayan biki ba ya zama asara. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar rajistar hukumar NAFDAC, domin kayan da wa'adinsu ya kusa cika su ne aka fi karya wa farashi.

Daga ƙarshe, lissafi mai kyau yakan rushe a wurin rabo. Idan aka fito da kaya ana tsakiyar taro, waɗanda suke kusa za su karɓi biyu ko uku, na nesa su rasa. Abin da ya fi shi ne a danƙa rabon ga mace ɗaya ko biyu da ake jin nauyinsu, su tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, a kuma ɓoye dozin biyu domin masu zuwa washegari. Idan ƙawayen amarya ko dangi suna da niyyar kawo nasu kayan rabo a matsayin gudummawa, a sanar da su adadin tun da wuri, domin su haɗa kuɗi su sayi abu ɗaya da zai game kowa, maimakon kowace ta kawo guda talatin da ba za su kai ko'ina ba.