Tarihin Injiniya a Takardar Neman Kwangila

A takardar neman kwangila akwai sashen da kamfani yake gabatar da ma'aikatan da za su riƙe aikin, kowa da taƙaitaccen tarihinsa. Kwamitin tantancewa yana ba wannan sashe maki, kuma abu ɗaya yake nema a tarihin injiniya: ko ya taɓa yin irin wannan aikin da hannunsa.

Ana farawa da suna, da muƙamin da zai riƙe a aikin, da digirinsa da shekarar da ya samu. A Nijeriya sai a biyo da lambar rajistarsa ta COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don kula da sana'ar injiniya, domin doka ba ta yarda wanda ba shi da rajista ya yi aiki a matsayin injiniya ba. Wannan duka bai wuce layi uku ba.

Ayyukan da ya yi su ne zuciyar bayanin, kuma a nan ake yawan faɗuwa. A ɗauka ana neman wanda zai gina gadar kankare a kan rafi. Injiniyan da ya shekara 15 yana aiki zai so ya jero komai, har da ajujuwa da shaguna, amma uku da suka yi kama da gadar sun fi masa amfani. A kowanne a faɗi mai aikin, da wurin, da shekarun farawa da gamawa, da girmansa. Jimla irin “ya ƙware wajen gina gadoji” ba ta kawo maki, tunda babu yadda za a bincika ta. Wadda take kawowa ita ce: “Daga 2019 zuwa 2021 shi ne injiniyan fili a ginin gada mai tsawon mita 40, shi ya duba ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, ya kuma kula da gwajin ƙarfinsa bayan kwana 28.” Duk injiniyan da ke cikin kwamiti ya san a kwana 28 ake auna ƙarfin kankare, don haka zai ga alamar wanda ya tsaya a kan aiki. Dole kuma a bambanta abin da kamfani ya yi da abin da mutumin ya yi, don ana iya gina gada alhali shi yana ofis yana lissafi.

Wasu kamfanoni sukan ari takardun injiniyan da ba ma'aikacinsu ba ne, kuma wannan ha'inci ne. Asiri yakan tonu idan shekaru suka ci karo, a ga mutum ɗaya yana kula da fili biyu masu nisa a lokaci guda, ko sunansa ya fito a takardun kamfanoni biyu. Shi ya sa masu ba da kwangila da yawa suke sa injiniya ya sa hannu cewa bayanin gaskiya ne kuma zai samu lokacin aikin, a haɗa da kwafin takardun shaidarsa.