Fim ya wuce a daƙiƙa goma, ƙananan fayil sun cinye awa guda: lissafin had-dis

Masu sana'ar tura fina-finai da waƙoƙi a Birnin Kudu da Gwaram sun san wannan takaicin. Laftof ɗaya ce, amma fim mai gigabait 1 sai ya kwafu nan take, tarin ƙananan fayil masu nauyi ɗaya da shi kuwa sai kwastoma ya gaji da jira. Da yawa kan zargi bairos, alhali laifin na yadda had-dis ke aiki ne.

A cikinsa akwai faifai mai juyawa da ɗan hannu mai karatu. Duk sanda aka nemi bayani, sai hannun ya taka zuwa layin da bayanin yake, ya jira faifan ya juyo da wurin, sannan ya karanta. Kwantirola ma na cin ɗan lokacinta. Tara huɗun ake yi:

```
T = seek + latency + size/rate + overhead
```

A ɗauki had-dis ɗin tsohuwar laftof mai 5400 RPM. A ce tafiyar hannun milisakan 12 ce, wato kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa. Zagaye ɗaya na faifan milisakan 11.1 ne, a matsakaici kuma rabinsa ake jira, 5.6. A ba kwantirola 0.2, a ce saurin karatu megabait 100 ne a daƙiƙa.

Idan kilobait 4 aka nema, karatun kansa milisakan 0.04 ne kacal. Jimilla kusan 17.8, kuma kusan dukkansa tafiya ce da jira. Idan megabait 1 ne, karatun ya zama milisakan 10, jimilla 27.8. Kayan sun ninka sau 250, lokacin ko ninki biyu bai kai ba.

Shi ya sa fim ɗin da ke jere wuri guda ke karantuwa a kusan daƙiƙa 10. Gigabait ɗin nan idan ya kasu gutsattsari 250,000 a warwatse, sai ya ci kusan minti 74. Wannan shi ne mafi munin hali, domin kwamfuta kan tsara buƙatun ta rage zirga-zirgar hannun.

Ana iya gani da ido. A buɗe Task Manager, a shiga Performance, a danna Disk. Idan Active time ya cika 100% amma Read speed bai kai megabait ɗaya ba, neman wuri ne ke cin lokacin. Idan kuwa Average response time na kai dubbai, ga ƙarar ƙas-ƙas, faifan ne ya kama hanyar mutuwa, a gaggauta kwashe kaya.

Sauya shi da mai 7200 RPM ba ya rage jiran juyawa sai da milisakan 1.4. SSD ne ke kawar da tafiyar da jiran gaba ɗaya, tunda babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai ƙaramin jari zai iya ɗora Windows da ƙananan fayil a kan SSD, ya bar manyan fina-finai a tsohon had-dis.